Yadda Ake Tsara Rabon Maki ga Tambayar Jarrabawa Mai Rassa

A makarantun sakandare na cikin birnin Kano, inda aji ɗaya kan kasu rukuni uku ko huɗu, ba abin mamaki ba ne a ga malamai biyu suna koyar da darasi ɗaya, ɗalibansu su rubuta jarrabawa ɗaya, sannan kowane malami ya kwashi takardun rukuninsa ya tafi gida ya yi makin. Idan aka dawo da sakamako, sai a tarar ɗalibai biyu sun ba da amsa kusan iri ɗaya, amma ɗaya ya sami maki 14 ɗayan kuma ya sami 9. Sau da yawa babu son kai a cikin wannan, kuma babu rashin sani. Abin da ya faru shi ne kowane malami ya yi aiki da ma'aunin da ke cikin kansa, domin ba a rubuta ma'auni guda da zai ɗaure su duka ba. Wannan rubutaccen ma'auni shi ne tsarin raba maki, kuma ƙa'idar da ta riƙe shi gaba ɗaya ita ce kowane maki guda ya zama yana rataye da wani abu da ido zai iya gani a takardar ɗalibi, ta yadda duk malamin da ya ɗauki jan biro zai ba da shi ko ya hana shi bisa dalili ɗaya.

Tambaya mai rassa ita ce wadda aka gina a kan batu ɗaya aka kasa ta gida-gida, (a), (b), (c) da sauransu, kowane reshe da makinsa a rubuce a gefe. Ta bambanta da buɗaɗɗen insha'i, inda ake ba ɗalibi jigo a bar shi ya tsara tunaninsa yadda ya ga dama. Amfanin rassan shi ne suna ba mai tsara jarrabawa damar farawa da abin da ake haddacewa, ya hau zuwa abin da ake lissafawa, ya ƙare da abin da sai an yi tunani. To amma kowane irin reshe yana da hanyar makin da ta dace da shi, kuma a nan ne yawancin tsare-tsare suke samun tangarɗa, domin mai tsarawa yakan auna rassan duka da hanya ɗaya. Domin a ga yadda abin yake a aikace, ga tambaya guda daga darasin kimiyyar noma na aji biyu na babbar sakandare, mai maki 20. A makaranta da Turanci za a rubuta ta, amma ga ta nan da Hausa.

(a) Me ake nufi da takin zamani? Maki 2.

(b) An rubuta NPK 15:15:15 a jikin wani buhun taki. Ambaci sinadarai uku da haruffan suke wakilta. Maki 3.

(c) Wani manomi a Kura yana da gonar masara hekta 2, kuma an ba shi shawarar ya sa wa kowace hekta naitirojin kilo 69. Takin yuriya yana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, kuma nauyin buhu ɗaya kilo 50 ne. Lissafa buhun yuriya nawa yake bukata, ka nuna matakan lissafinka. Maki 5.

(d) Yi bayanin hanyoyi uku da takin gargajiya ya fi takin zamani amfani ga ƙasar noma. Maki 6.

(e) Manomin ya watsa yuriyar a saman ƙasa a lokacin zafi bai rufe ta ba, kuma aka yi mako guda ba ruwan sama ba ban-ruwa. Bayan wani lokaci ganyen masarar ya ci gaba da zama ruwan ɗorawa. Bayyana dalilin hakan, ka kuma ba shi shawara. Maki 4.

Kilo 69 da ke cikin reshe (c) adadi ne da aka zaɓa domin lissafin ya fita ba tare da ragowa ba, don kada lokacin ɗalibi ya ƙare a kan raba lambobi alhali fahimtar taki ake son aunawa.

Abu na farko da mai tsarawa zai yi, tun kafin a buga takardar tambaya, shi ne ya zauna ya amsa tambayar da kansa, a rubuce, da irin kalmomin da ɗalibi mai ƙoƙari zai yi amfani da su, yana duba agogo. Idan takardar tana da tambayoyi biyar masu maki 20 kowace a cikin awa biyu, to kowace tambaya tana da minti 24, wato maki ɗaya ya ɗan ɗara minti ɗaya. Da wannan ne ake gane ko rabon makin ya dace da nauyin aikin. Reshen da ake amsawa da kalmomi uku bai cancanci maki 6 ba, haka kuma reshen da yake bukatar rabin shafi bai kamata a ba shi maki 2 ba. Ɗalibi yana kallon makin da ke gefen tambaya ne ya san tsawon amsar da ake so daga gare shi, saboda haka idan adadin ya yaudare shi, laifin ba nasa ba ne. Kuma a wannan zama ne ake gano tambayar da ba ta da amsa tsayayya, ko wadda za a iya fahimta ta fuska biyu. Wanda ya bar rubuta tsarin maki sai bayan an gama jarrabawa ya riga ya rasa damar gyara tambayar.

Rassa biyu na farko ba su da wahala sosai, amma ko su akwai abin lura. A reshe (a), kada tsarin ya kawo jimla guda ya rubuta maki 2 a gabanta, domin kusan babu ɗalibin da zai kawo jimlar kamar yadda take, kuma mai makin zai shiga kintace. A maimakon haka a fasa ma'anar gida biyu: taki ne da ake sarrafawa a masana'anta, maki 1; ana sa wa ƙasa ne domin a samar wa shuka sinadaran da take bukata, maki 1. Da haka, ɗalibin da ya rubuta cewa shi ne abin da ake sa wa gona don amfani ya yi kyau zai sami maki na biyu kawai, domin bayaninsa ya haɗa har da kashin dabbobi, bai raba takin zamani da na gargajiya ba.

A reshe (b), amsar ita ce naitirojin, fosforas da fotasiyam, kowanne maki 1. Wanda ya maimaita N, P da K ba shi da komai, tunda haruffan suna cikin tambayar. Wanda ya ce K na nufin kalsiyam ya rasa makin, kuma yana da kyau tsarin ya ambaci wannan kuskure da sunansa domin yana yawan faruwa. Sai dai akwai amsar da ta fi wannan bukatar shawara tun da wuri. Lambobin da ake rubutawa a jikin buhu suna nuna kason naitirojin ne, sannan na fosfet da na fotash, don haka ɗalibin da ya rubuta fosfet ko fotash yana da hujja, musamman idan a gidan manoma ko masu sayar da taki ya tashi. Ra'ayina shi ne a karɓa, amma abin da ya fi karɓar ko ƙin karɓar muhimmanci shi ne a rubuta hukuncin a cikin tsarin, domin kada wani malami ya karɓa wani ya soke.

Reshe (c) ne ya fi bukatar natsuwa. Masu makin lissafi a jarrabawar WAEC suna aiki da alamomi uku waɗanda ya kamata kowane malami ya saba da su ko da ba lissafi yake koyarwa ba. Alamar M tana nufin makin hanya, wato ɗalibi ya nuna ya san abin da ya kamata a yi. Alamar A tana nufin makin daidaiton sakamako, kuma ba a ba da shi sai an sami makin hanyar da ya haife shi. Alamar B kuwa maki ne mai zaman kansa, wanda bai dogara da wani mataki ba. Idan aka ɗora waɗannan a kan tambayarmu, matakan za su kasance haka:

```
69 x 2 = 138            B1
138 x 100 / 46          M1
= 300 kg                A1
300 / 50                M1
= 6                     A1
```

Ma'anar wannan ita ce gonar gaba ɗaya tana bukatar naitirojin kilo 138, wanda sai an sami yuriya kilo 300 kafin a same shi, kuma kilo 300 buhu 6 ne. Maki biyar, matakai biyar, kowanne ana iya nuna shi da yatsa. Amma tsarin da ya tsaya a nan bai kammala ba, domin ya yi tanadin ɗalibin da ya yi daidai ne kawai, alhali yawancin takardun da za su zo gaban malami na waɗanda suka yi rabin daidai ne.

Mu ɗauki ɗaliba da ta manta cewa gonar hekta 2 ce. Ta ɗauki 69 ta ninka da 100 ta raba da 46, ta sami kilo 150, ta raba da 50, ta ce buhu 3. Amsarta ta ƙarshe ba daidai ba ce, kuma malamin da ke duba amsar ƙarshe kawai zai ba ta sifiri. Amma kuskure ɗaya ta yi, a matakin farko, kuma duk abin da ya biyo baya ya nuna ta fahimci yadda ake juya naitirojin zuwa yuriya, wanda shi ne zuciyar tambayar. Ƙa'idar da ta dace a nan ita ce kada a hukunta ɗalibi sau biyu a kan kuskure ɗaya. Ta rasa B1 na farko, ta sami M1 na hanya, ta sami maki a kan kilo 150 domin daidai yake bisa adadin da ta faro da shi, ta sami M1 na rabawa da 50, sannan ta rasa makin ƙarshe domin an keɓe shi ga amsar gaskiya, wato buhu 6. Jimillarta maki 3. Wasu tsare-tsaren sukan hana makin kilo 150 ɗin, wasu kuma sukan ba da har na ƙarshe, kuma kowanne yana da masu kare shi. Abin da ba shi da kariya shi ne a bar wannan shawara ga yanayin zuciyar mai makin a daren da yake aikin.

Ga kuma wani ɗalibi da ya sami 138 daidai, amma ya ninka da 46 ya raba da 100, ya sami kilo 63.48, ya raba da 50 ya sami wajen buhu 1.27. Wannan kuskure ya fi na ɗalibar nauyi, domin yana nuna bai gane cewa dole nauyin yuriyar ya fi nauyin naitirojin da ke cikinta ba. Ya sami B1, ya rasa M1 da A1 na tsakiya, ya sami M1 na rabawa da nauyin buhu, ya rasa na ƙarshe, ya tashi da maki 2. A lura da yadda tsarin ya fifita ɗalibar a kansa da maki ɗaya ba tare da wani ya yi alfarma ba. Wannan alama ce ta cewa an zuba makin a inda fahimta take. Da lissafin ya fito akasin haka, wato mai ƙaramin kuskure ya faɗi ƙasa da mai babban kuskure, to da sai an sake duba rabon.

Akwai kuma ɗalibin da ya bi wata hanya daban ya isa daidai. Ya lissafa cewa buhu ɗaya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, sannan ya raba 138 da 23 ya sami 6. Babu kilo 300 a ko'ina cikin takardarsa, kuma malamin da ya manne wa tsarin ido rufe zai iya zabge masa maki biyu ko uku. Saboda haka wajibi ne tsarin ya kawo wannan hanya ta biyu da nata rabon: 138 maki 1, hanyar samun naitirojin da ke cikin buhu maki 1, kilo 23 maki 1, raba 138 da 23 maki 1, buhu 6 maki 1. Haka nan wanda ya lissafa buhu 3 na hekta ɗaya sannan ya ninka da 2 a ƙarshe, shi ma ya cika makinsa. A ƙasan reshen a ƙara layi cewa duk wata hanya ingantacciya da ta kai ga buhu 6 tana da cikakken maki. Wanda kuwa ya rubuta buhu 6 kawai babu matakai, ba shi da maki, tunda ba a ba da makin A sai da makin hanya, kuma hujjar hana shi tana cikin tambayar kanta, inda aka ce ya nuna matakan lissafinsa. Da ba a rubuta wannan umarni ba, da ba a da ikon hana shi.

Reshe (d) yana da irin tasa matsalar, kuma ta samo asali ne daga kalmar umarnin da aka yi amfani da ita. An ce ɗalibi ya yi bayani, ba a ce ya lissafo ba, don haka kowace hanya daga cikin ukun tana da maki 2: ɗaya na ambaton batun, ɗaya na nuna yadda abin yake faruwa ko abin da yake haifarwa. Wanda ya rubuta cewa takin gargajiya yana taimaka wa ƙasa ta riƙe ruwa ya sami maki 1. Wanda ya ƙara da cewa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suna tsotse ruwa su ajiye shi, don haka shuka ba ta saurin yin yaushi idan ruwan sama ya ɗauke na 'yan kwanaki, ya sami maki 2. Ɗalibin da ya jera batutuwa uku tsirara ba zai wuce maki 3 cikin 6 ba, komai daidaitonsu. Ya kamata tsarin ya kawo amsoshi fiye da adadin da aka nema, kamar biyar ko shida, kowace da misalin irin bayanin da zai cika ta: yana gyara yanayin ƙasa ta yi laushi iska da saiwa su ratsa ta, yana ciyar da tsutsotsi da ƙananan halittun cikin ƙasa, yana sakin sinadarai a hankali har amfaninsa ya kai wata damina, yana kawo ƙananan sinadaran da babu su a yawancin buhunan taki, yana kama ƙasa ya rage zaizaya. Yaran da suka fito daga garuruwan da ke kewaye da birni, inda aka daɗe ana kai takin gida da toka gonaki, sukan kawo bayanai daga abin da suka gani da idonsu, kuma bai kamata a ƙi amsa don ba ta yi kama da ta littafi ba matuƙar ilminta daidai ne.

Hukunci uku ne dole a rubuta a ƙarƙashin wannan reshe. Na farko ya shafi amsar da gaskiya ce amma ba ita aka tambaya ba. Ɗalibai da yawa za su ce takin gargajiya ya fi araha, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai tambayar ta ce amfani ga ƙasar noma, arha kuwa amfani ne ga aljihun manomi, saboda haka babu maki. Na biyu ya shafi maimaici: wanda ya ce yana riƙe ruwa, sannan a layi na gaba ya ce yana hana ƙasa saurin bushewa, batu ɗaya ya faɗa sau biyu, sai a ɗauki layi na biyu a matsayin bayanin na farko a ba shi maki 2 a kan su duka. Na uku ya shafi wanda ya kawo hanyoyi biyar alhali uku aka nema. Ko dai a duba ukun farko a yi watsi da sauran, ko a duba duka a zaɓi uku mafi kyau. Na fi karkata ga duba ukun farko, domin zaɓar mafi kyau tana koya wa ɗalibai su zubo duk abin da ke kansu su bar wa malami aikin tantancewa, alhali tantancewar ma wani ɓangare ne na abin da ake aunawa. Amma idan za a bi wannan hanya, adalci ne a sanar da ɗalibai tun cikin zango.

Reshe (e) ba ya karɓar ƙirga batutuwa yadda (d) ya karɓa, domin abin da ake nema a cikinsa shi ne ɗalibi ya haɗa dalili da magani. Cikakkiyar amsa ita ce yuriyar da aka bari a saman ƙasa cikin zafi takan rikiɗe ta zama iskar amoniya ta tashi, abin da ya rage kuma bai sami ruwan da zai kai shi ga saiwa ba, don haka masarar ta ci gaba da fama da ƙarancin naitirojin, wanda alamarsa ita ce ganye ya zama ruwan ɗorawa. Shawarar kuwa ita ce a tona ƙaramin rami nesa kaɗan da gindin shuka a zuba takin a rufe, a yi hakan lokacin da ƙasa take da laima, kuma a raba takin kashi biyu maimakon a zuba shi lokaci guda. Ga irin wannan amsa, ya fi dacewa a rubuta matakan inganci. Maki 4 na wanda ya bayyana yadda naitirojin ya salwanta kuma ya ba da shawarar da ta magance wannan salwantar kai tsaye. Maki 2 ko 3 na wanda ya kawo dalili daidai amma shawararsa ta yi rauni, ko ya kawo shawara mai kyau amma dalilinsa bai wuce cewa takin bai shiga ƙasa ba; 3 idan ɓangarorin biyu suna nan, 2 idan ɗaya ne kawai ya tsaya da ƙafarsa. Maki 1 na wanda ya gane dai cewa shukar ba ta sami naitirojin ba. Wanda ya ce a ƙaro taki kawai, ko ya ce cuta ce a yi feshi, ba shi da komai. Sharaɗin irin waɗannan matakai shi ne a bayyana su da abin da ɗalibi ya yi, kada a bayyana su da kalmomi irin su kyakkyawar amsa, matsakaiciya, ko mai rauni, domin waɗannan kalmomi sun mayar da mai makin ga ma'aunin kansa da ake ƙoƙarin raba shi da shi.

Batun harshe yana bukatar layi guda a saman tsarin gaba ɗaya. A jarrabawar insha'in Turanci ta WAEC ana raba maki 50 gida huɗu: 10 ga abin da rubutun ya ƙunsa, 10 ga tsari, 20 ga salon bayyana tunani, 10 ga ƙa'idojin rubutu, domin a can harshen ne ake aunawa. A kimiyyar noma ba haka ba ne. Ɗalibin da Turancinsa ya karkace amma ma'anarsa ta fito sarai bai kamata ya rasa maki ba, sai idan kuskuren rubutun ya sauya ma'anar kalmar kimiyya ta zama wata daban. A gari irin Kano, inda yawancin yara suke tunani da Hausa su rubuta da Turanci, rashin wannan layi yakan mayar da kowace jarrabawa ta zama ta Turanci a fakaice. Haka kuma ina ganin a guji rabin maki. Duk inda mai tsarawa ya ji yana son ba da rabi, yawanci alama ce cewa bai gama yanke abin da ya cancanci makin ba.

Komai ƙwarewar wanda ya rubuta tsarin, ɗalibai za su kawo abin da bai zata ba, shi ya sa hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO suke tara masu makin a taron daidaitawa kafin a raba musu takardu, inda kowa zai gwada tsarin a kan kwafin takardu iri ɗaya, sannan shugabannin rukuni su riƙa bin wani kaso na aikin kowane mai makin. Makaranta za ta iya yin ƙaramin irin wannan a ofishin malamai cikin awa ɗaya. A zaro takardu kamar goma daga rukunoni daban-daban, na masu ƙoƙari da na matsakaita da na masu rauni, kowane malami ya yi makinsu shi kaɗai yana rubuta sakamakon a wata takarda daban don kada ɗan'uwansa ya gani, sannan a kwatanta reshe da reshe. Kwatanta jimilla kawai tana ɓoye matsala, domin malamai biyu za su iya haɗuwa a kan maki 12 alhali ɗaya ya yi sassauci a (d) ya tsananta a (e), ɗayan kuma ya yi akasin haka. A rassa (a), (b) da (c) bai kamata a sami bambanci ko na maki ɗaya ba, kuma idan an samu to akwai layin da bai fito fili ba a cikin tsarin. A (d) da (e) bambancin maki ɗaya abin jurewa ne, amma biyu ko fiye yana bukatar a zauna a kan takardar a gano kalmar da ta raba su. Mudu ɗaya ake so a auna wa kowa da shi, kuma wannan zama shi ne inda ake tabbatar da cewa mudun ɗaya ne.

Idan makin ya kankama, ya fi kyau a bi reshe ɗaya a cikin takardu duka kafin a koma na gaba, domin hakan yana sa hukuncin ya tsaya a wuri ɗaya, kuma yana hana kyawun amsar ɗalibi a reshe (a) ya rinjayi yadda za a kalli amsarsa a (e). A riƙa sa alamar maki daidai kan kalmar ko layin da ya jawo shi, ta yadda adadin alamomin zai yi daidai da adadin da aka rubuta a gefe, kuma shugaban sashe ko uban yaro da ya zo da ƙorafi zai iya bin sawun kowane maki. Idan aka ci karo da sabuwar amsa ingantacciya a takarda ta arba'in, misali ɗalibi ya ce takin gargajiya ba ya ƙara wa ƙasa tsami kamar yadda yawan amfani da yuriya yake yi, to a rubuta ta cikin tsarin nan take, a sanar da sauran malamai, sannan a koma kan takardu talatin da taran da aka wuce a duba ko an soke wa wani irinta.

Bayan an gama, a ɗauki matsakaicin makin kowane reshe a ajiye tare da tsarin. Idan kusan kowa ya tsaya a maki 3 cikin 6 a reshe (d), to ɗalibai sun san batutuwan amma ba a koya musu bambancin ambato da bayani ba, kuma wannan aikin aji ne na zango mai zuwa, tun kafin su fuskanci jarrabawar kwalifayin da ta ƙarshe. Idan kuwa masu ƙoƙarin ajin ne suka fi faɗuwa a wani reshe, alhali masu rauni suna tsinto maki a cikinsa, to zargin ya koma kan tambayar ko kan tsarin makinta, kuma sai an gyara ɗaya daga cikinsu kafin a sake amfani da ita.